ESP32 ko Arduino Uno: fara tambayar inda za a karanta awon

A 'yan shekarun nan shawarar da ake ba sabon shiga harkar haɗa ƙananan na'urori ta zama guda ɗaya: ya manta da Arduino Uno, ya sayi ESP32. Masu wannan shawara suna da hujja. Uno ya fito tun 2010, ƙwaƙwalwarsa ATmega328P tana gudu a 16 MHz, ma'ajiyar aikinta 2 KB ce kacal. ESP32 kuwa, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, yana kaiwa 240 MHz, yana da ma'ajiyar aiki 520 KB, ga waifai a jikinsa, kuma sau da yawa kuɗinsa bai fi na kwaikwayon Uno da ake sayarwa a kasuwa ba. Amma ni a ganina wannan kwatance bai taɓa matsalar mai koyo ba. Awon zafin ɗaki ko yawan ruwa a tanki ba ya buƙatar gudu. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne inda mutum yake son ganin sakamakon awon: a wurin da aka auna, ko a wayarsa.

Mu ɗauki aikin da gidaje da yawa za su amfana da shi, wato sanin yawan ruwan da ya rage a tankin da ke bisa rufi ba tare da an hau tsani ba. Na'urar awon da aka fi farawa da ita ita ce HC-SR04. Tana harba sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi saman ruwa ya dawo, allon kuma ya ƙirga lokacin da tafiyar ta ɗauka. Ƙafafunta huɗu ne: `VCC`, `GND`, `Trig` da `Echo`. Zuciyar furogiram ɗin ba ta wuce wannan ba:

```
digitalWrite(TRIG, HIGH);
delayMicroseconds(10);
digitalWrite(TRIG, LOW);
long t = pulseIn(ECHO, HIGH, 30000);
float cm = t / 58.0;
```

A ce tankin mai zagaye ne, faɗinsa mita ɗaya, kuma daga na'urar da ke maƙale a murfi zuwa gindinsa santimita 120 ne. Idan `t` ya ba da 2320, an raba da 58 an sami santimita 40 tsakanin murfi da saman ruwa. Ke nan zurfin ruwan santimita 80 ne. A tanki mai wannan faɗi kowace santimita tana ɗauke da kusan lita 7.85, don haka akwai ruwa kimanin lita 628. Zafi yana ɗan karkatar da lissafin, domin lambar 58 ta dace ne da iska mai zafin digiri 20, kuma sauti ya fi sauri a iska mai zafi. A tankin da rana ta gasa zuwa digiri 40, kuskuren a wannan awo zai kai wajen lita tara, wanda bai isa ya hana kowa barci ba.

Waɗannan layuka biyar suna aiki a kan Uno, suna aiki a kan ESP32, kuma duka biyun da manhaja ɗaya ake rubuta musu, `Arduino IDE`. Wanda ya koya a kan ɗaya bai yi asarar komai ba idan ya koma ɗayan. Bambancin yana wajen wayoyi da wuta.

Na farko, Uno yana aiki da 5V, HC-SR04 ma haka. A jona wayoyi huɗu kai tsaye, a buɗe `Serial Monitor`, lambobi su fara zubowa. ESP32 kuwa 3.3V yake amfani da shi, ƙafar `Echo` kuma 5V take fitarwa. Wanda ya jona ta kai tsaye zai iya ganin abin yana aiki yau da gobe, amma ya ɗora wa ƙafar allon wutar da ta wuce iyakar da kamfanin ya gindaya, kuma ran da ta lalace ba za ta yi hayaƙi ta sanar ba, sai dai a ga awo ya tsaya a sifili. Maganin razista biyu ne: 1k daga `Echo` zuwa ƙafar allon, 2k daga wannan ƙafa zuwa `GND`. Biyar sau biyu bisa uku ya ba da 3.3. Gyaran mai sauƙi ne ga wanda ya san yana buƙatarsa, sabon shiga kuwa galibi bai sani ba.

Na biyu, ƙafafun Uno kusan duk ɗaya suke. Ban da 0 da 1 da ke magana da kwamfuta, duk wadda ka zaɓa za ta yi. A ESP32 sai an yi zaɓe. `GPIO6` zuwa `GPIO11` na ma'ajiyar allon ne, ba a taɓa su. `GPIO34` zuwa `GPIO39` karɓa kawai suke yi, don haka wanda ya sa `Trig` a can zai yini yana neman laifi a furogiram alhali babu. `GPIO0` da `GPIO12` suna cikin waɗanda allon ke dubawa lokacin tashi, kuma abin da aka rataya musu yana iya hana shi tashi. A wannan aiki 18 da 19 sun wadatar. Idan kuma daga baya aka ƙara na'urar da ake karantawa da `analogRead()`, kamar ta awon damshin ƙasa, akwai wani tarko: ƙafafun rukunin `ADC2` ba sa karantuwa muddin waifai yana kunne. Alamar ita ce awo yana tafiya daidai, da zarar an haɗu da waifai sai ya rikice. A mayar da wayar tsakanin 32 da 39.

Na uku shi ne wuta. Uno da HC-SR04 kaɗan suke sha, kowace cajar waya za ta riƙe su. ESP32 a lokacin da yake aika saƙo yakan zuƙi wuta da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, shi ya sa Espressif ke cewa a ba shi abin da zai iya fitar da 500 mA. Da siririn kebul mai araha ko cajar da ta gaji, allon zai riƙa mutuwa yana tashi, a fuskar kwamfuta kuma a ga `Brownout detector was triggered`. Wannan saƙo ba ya nufin allon ya lalace. A canja kebul zuwa gajere mai kauri, a canja caja. Haka ma idan an tura furogiram ya tsaya a `Connecting...`, a wasu alluna sai an danne maɓallin `BOOT` kafin ya shiga.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari mai koyo. Matsalar ita ce taruwarsu a rana ɗaya. Idan lamba ba ta fito a waya ba, mai ESP32 yana da wurare da yawa da zai zarga: na'urar awon, razistocin, ƙafar da ya zaɓa, kebul, kalmar sirrin waifai, da shafin da ke nuna sakamakon. Mai Uno yana da biyu ko uku. Ƙwararre ya san yadda ake tsefe su ɗaya bayan ɗaya, amma wannan ita ce fasahar da sabon shiga bai samu ba tukuna, kuma a nan ne mutane kan jefa kayan a durowa.

Saboda haka, idan abin da gida ke buƙata shi ne ƙararrawa ta yi kuka lokacin da tanki ya kusa cika don a kashe famfo, da ƙananan fitilu uku da ke nuna cike, rabi ko ƙasa, Uno ya isa har da saura. Ba ya jiran rawuta, ba ya cin data, kuma idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, cikin daƙiƙu kaɗan ya koma bakin aiki. Wanda ya ce maka wannan tsohon yayi ne, ka tambaye shi me 240 MHz za ta ƙara wa ƙararrawa.

Idan kuwa burinka ka ga yawan ruwan a waya daga ɗaki, ko ka ajiye awon kowace awa don ka gane ko tankin yana yoyo da dare, to ka sayi ESP32 tun farko. Kada ka bi hanyar da tsofaffin darussa ke nunawa, ta ɗaura ƙaramin ESP-01 a jikin Uno don ya ba shi waifai. Wannan haɗi ya tara wahalar ɓangarorin biyu: wuta iri biyu, alluna biyu da ke magana da juna, kuma ƙafar 3.3V ta Uno ba ta iya ciyar da ESP-01. Shi kansa kamfanin Arduino da ya fitar da Uno R4 WiFi a 2023, ESP32-S3 ya dasa a kan allon ya riƙe ɓangaren waifai. Wannan allo zaɓi ne mai kyau ga mai son 5V da waifai tare, sai dai ya fi tsada.

Kafin ka biya kuɗin ESP32, ka duba abu biyu a gidanka. Allon yana kama waifai na 2.4 GHz ne kawai, don haka idan hotsifot ɗin wayarka yana kan 5 GHz ba zai ma gan shi ba. Sannan idan babu rawuta a gidan, hotsifot yana fita tare da mai wayar. Mafita ita ce a sa allon ya zama nasa waifai da `WiFi.softAP()`, ka haɗa wayarka da shi, ka buɗe `192.168.4.1` ka ga awon ba tare da intanet ba. Wannan yana aiki a cikin gida kaɗai. Ganin tanki daga kasuwa ko ofis yana buƙatar rawuta mai wuta da data dare da rana.

Ga wanda ya zaɓi ESP32, sharaɗina ɗaya ne: ka bar waifai a kashe a matakin farko. Ka sa razistocin, ka nufi bango da na'urar, ka gwada lambar da ke `Serial Monitor` da abin da tef ɗin awo ya ba ka. Sai ka gwada a kan bokitin ruwa, sannan a kan tanki. Idan lambobin sun tsaya daram, sai ka ƙara waifai, ta yadda duk abin da ya ɓaci bayan nan ka san daga ina ya fito. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abu na ƙarshe ya shafi alluna biyun baki ɗaya. HC-SR04 ba a yi ta don zama cikin tururi ba, kuma gumin da ke taruwa a murfin tanki zai cinye ta. Ta koyo ce a kan tebur. Wadda za ta zauna a tanki ita ce JSN-SR04T mai jure ruwa, wadda ake jonawa kusan iri ɗaya, sai dai ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da wajen santimita 20 zuwa 25, don haka a ɗaga ta sama da iyakar cikar ruwa da wannan tazara. Kunna famfo da kashe shi kai tsaye kuwa aikin wutar gida ne mai iya kisa, a bar shi sai an sami mai gyaran lantarki a kusa.