Wa Ya Raɗa, Wa Zai Kira? Sunaye a Labarin Daular Fatake

Marubucin da ya ƙago daular fatake a tsakiyar sahara yakan fara da neman sunaye masu daɗin ji, ya harhaɗa baƙaƙe har su yi kama da Larabci ko Buzanci. A ganina wannan gini ne ba tushe. Dokar suna tana fitowa ne daga tsarin jama'a: wa ya raɗa sunan, kuma wa ke da ikon furta shi.

Abin da za a fara yankewa shi ne zamani da addini. Jerin sarakunan Kano ya isa hujja: Bagauda, Warisi, Gijimasu, daga baya Yaji, wanda a zamaninsa aka ce Wangarawa suka zo da Musulunci, can gaba kuma Muhammadu Rumfa da ya hau gadon sarauta a 1463. Sunayen kaɗai sun nuna inda al'amura suka juya. Idan daular labarin ba ta musulunta ba, to babu Abubakar a fada, sai dai cikin baƙin fatake, wannan bambancin ma labari ne.

Daular ciniki kuwa ba ta magana da harshe ɗaya, don haka kowane rukuni ya sami dokarsa. A ce akwai masu raƙuma, da attajiran birni, da bayin fada. Abzinawa suna sa "ag" tsakanin sunan ɗa da na ubansa. Marubuci na iya ƙirƙiro tasa kalmar, amma kada ya canza ta. Attajirai a danganta su da garinsu ko hajarsu. Bayi kuwa a ƙasar Hausa a da sukan ɗauki suna mai jimla guda, irin su Allah Bar Sarki, kuma sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano nasu ne a wancan zamani. Sai mu ɗauki jagoran ayarin gishiri guda: an raɗa masa Isufu, mahaifiyarsa tana ce masa Balarabe saboda ranar haihuwarsa da kunyar ɗan fari, 'yan ayari suna cewa Madugu, matarsa kuwa Maigida. Ranar da wani yaron ayari ya kira shi Isufu gatsau a bainar jama'a, mai karatu ya san girma ya faɗi, ba sai an yi masa bayani ba.

Za a ce suna huɗu ga mutum ɗaya ruɗani ne. Gaskiya ne, idan mai ba da labari shi ma yana tsalle tsakaninsu. Maganinsa ya riƙe ɗaya tal, sauran su fito daga bakin mutanen labarin. Wani kuma zai ce tunda ƙagaggen labari ne, kowa ya yi yadda ya so. 'Yancin yana wajen kafa dokar ne. Bayan nan ta hau kan mai ita. A gwada: a rufe bayanin mutum, a bar sunansa kawai. Idan ba a iya gane rukuninsa da matsayinsa ba, a sake raɗa masa.