Photomerge ya miƙar da rubutun kwalba, ya kuma biya ni

Masu shagon ɗab'i a Lafiya, daga hanyar Jos zuwa hanyar Makurɗi, sun san wannan aikin: mai zuma ko mai kunun aya ya kawo kwalba, ya ce a sake masa irin takardar da ke jikinta, alhali asalin zanen ya ɓata. Hoto ɗaya ba ya fitarwa. Rabin kwalbar kawai ido ke gani, a rabin ma haruffan gefe matsewa suke yi. Harafin da ya kauce da digiri 60 daga tsakiya rabin faɗinsa ne ke bayyana.

A nan ne Photomerge na cikin Photoshop ya sace mini zuciya. Kai, wannan abu ya yi!

Ɗauki kwalba mai faɗin santimita 6, kewayenta kusan 19 ke nan. Ka kafe kyamara a kan ƙafa uku daidai tsakiyar takardar, kada ta motsa; kwalbar ce za ta riƙa juyawa. Ka yanka kwali zagaye, ka raba shi gida 18, ka ɗora ta a tsakiyarsa cif. Kowane juyi digiri 20 ne, wato kusan santimita 1 na takarda. Daga kowane hoto ka yanko tsirin tsakiya mai faɗin santimita 2 kacal, inda lanƙwasar ba ta da ƙarfi. Ta haka kowane tsiri zai hau rabin maƙwabcinsa, kuma wannan hawan ne manhajar ke bi ta gane mahaɗa.

Sai ka buɗe File > Automate > Photomerge, ka zaɓi Reposition, ka bar alama a Blend Images Together. Reposition ɗin nan shi ne gwanina, domin jera tsiraran yake yi gefe da gefe ba tare da ya ja ko ya murɗe su ba. Ranar da na ga lambar NAFDAC, jerin kayan haɗi da ranar lalacewa sun fito a layi guda sak, wallahi sai da na tafa.

Amma fa yana da sharuɗɗa. Ranar Lafiya da filasha duk suna zana farin layi a jikin kwalba, wanda zai maimaitu a kowane tsiri. Ka shiga inuwa, ka kulle hasken kyamara. In ka ga harafi ya fito biyu, kwalbar ba ta tsakiyar kwali. Inda takarda take wayam babu rubutu, sai ka daidaita da hannu. Kwalba mai tsukewa ta sama kuwa rubutunta zai fito a lanƙwashe kamar baka.

Ga kwalba miƙaƙƙiya dai, ban ga na biyunsa ba. 'Yan'uwa masu shago, ku gwada shi a aikinku na gaba.