A sa tambarin a wuya, ba a kusurwa ba

Ku masu haɗa hoto a waya, yau da ku nake. Ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwar Filinge, gwaggona ta tare ni da murna, wai ɗan ƙanena ya zama ɗan kokowa har ya ɗauki takobi. Na karɓi wayarta na duba. Kan yaron ne kam, amma ƙirji da damatsan na Issaka Issaka ne na Dosso. Yaron da buhun hatsi ke kayar da shi!

Na je wajen wanda ya yi aikin, ya rantse ya sa alama. Bai yi ƙarya ba, ya nuna mini asalin hoton: can ƙasa a kusurwa an rubuta montage da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero. To wa aka rubuta wa? Gwaggo ba ta karanta Faransanci. Ko da tana karantawa, yaron ya ɗora hoton a fuskar WhatsApp ɗinsa, wadda ke yanka hoto ta mai da shi da'ira, kusurwoyi huɗun duka su tafi. Daga nan wani ya ɗauki hoton allon ya tura, shi ke nan alama ta bi ruwa.

Bayanin da ake rubutawa ƙarƙashin hoto ma haka yake, mai turawa na iya share shi da taɓawa ɗaya. Kada kuma a kawo mini zancen ɓoyayyar shaida irin ta C2PA, wadda su Adobe da Microsoft da BBC suka kafa a 2021. Tana zaune ne cikin bayanan fayil, kuma hoton allo ba ya ɗauko ta. Wane ne a ƙasar Kurfai zai tsaya binciken fayil kafin ya tura wa dangi?

Inda aka yi ɗinki, nan tambari ya kamata ya zauna. A shimfiɗa rubutun daga haɓa zuwa kafaɗa, babba, mai ɗan shara-shara, da Hausa: HAƊI NE. A ƙara da ajami. Duk wanda ya so yanke shi sai ya yanke kan, hoton ya tashi aiki. Dama a wuyan ne ake gane haɗi, domin launin fuska da na ƙirji ba sa jituwa, inuwar hanci ta yi gabas ta jiki ta yi yamma. Amma a ƙaramin allo mai tsaga, cikin rana, wa zai lura?

Za ku ce yana ɓata kyan hoto. Yana ɓatawa, na yarda, kuma hannunku ya iya aiki, ni ma sai da na duba sau biyu. Sai dai na gwaggo dariya muka yi aka tashi. Ranar da aka ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba, hoton ya isa gidan surukanta, wannan ɗigon na kusurwa ba zai wanke ta ba.

Don Allah ku matso da tambarin tsakiya. Gwaggo har yanzu tana tambayata yaushe za a kawo takobin gida.