Patek Philippe 5270: agogon da ya san ranar da Fabrairu ke ƙarewa

Kai, Patek Philippe 5270 ya gama da ni! Agogo ne na hannu da babu batir a cikinsa, da hannu ake ba shi wani, amma ya haɗa gwaninta uku: awon tsere, nuna halin wata, da kalanda mai gyara kanta. Kamfanin na Janiba ya fito da shi a 2011, jikan samfurin 1518 ne na shekarar 1941.

Awon tseren, wato kuronogaraf, abin sha'awa ne. Ka danna maɓallin sama, sai wani ɗan faifai mai ginshiƙai ya juya, ya haɗa giyar dogon hannun daƙiƙa da injin agogon. Ka sake dannawa, birki ya kama. Maɓallin ƙasa kuwa guduma yake saki ta bugi wani ƙarfe mai siffar zuciya, nan take hannun ya koma sifiri. Taushin dannawar kaɗai ya isa ya sace maka zuciya! Sai dai agogon Seagull 1963 na ƙasar Sin ma yana da irin wannan faifan a kuɗi kaɗan.

Hoton watan nan gwanin kyau ne. A yawancin agogai faifai ne mai wata biyu da haƙora 59, yana matsa haƙori ɗaya kullum, wato ya ɗauki wata a kwana 29 da rabi. Zagayen wata na gaskiya ya ɗara haka da kusan minti 44, shi ya sa kuskuren ke kaiwa kwana guda cikin shekara biyu da wata bakwai. Faifai mai haƙora 135 kuwa sai bayan shekara 122. Ko wanne ne, ba ya maye gurbin ganin jinjirin wata.

Kalandar ce sarauniya. A cikinta akwai faifai mai tudu da kwari wanda ya haddace tsawon watanni. Bakin wata 'yar sanda yana hawa kansa, zurfin kwarin da ya faɗa shi ke faɗa wa agogon kwana nawa zai tsallake. Daren 30 ga Afrilu sai ka wayi gari ka ga 1 ga Mayu. Daren 28 ga Fabrairu ya haura zuwa Maris, amma a 2028 zai nuna 29. Muddin bai tsaya ba, sai a 2100 zai nemi gyara, domin Fabrairun shekarar kwana 28 ne. Abin kiyayewa: kada ka taɓa maɓallan gyaran kwanan wata sa'ad da agogon yake shirin sauya kwanan wata, domin lokacin giyoyin sun sarƙe, haƙori na iya karyewa.

Mai son ƙara kuɗi wajen sayen agogo, ya ƙara a kan kalanda. Kuronogaraf ana samunsa da rahusa, hoton wata kuma ado ne, in za ka biya masa to ka nemi mai haƙora 135.