Gaisuwar mutum biyu a bakin mutum ɗaya

Gaisuwar Bahaushe karɓa-karɓa ce. Ka ce "Ina kwana?" a ce "Lafiya lau," ka ce "Ina gajiya?" a ce "Ba gajiya," ka ce "Ina labari?" a ce "Sai alheri." Tun da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, sai ga mutum shi kaɗai riƙe da waya yana wannan aiki na mutum biyu.

Saurari yadda saurayi ke gaida gwaggonsa ranar Juma'a: "Salamu alaikum Gwaggo, ina wuni? An yi Juma'a lafiya? Ya ƙafar taki, da sauƙi? To madalla. Ya su Baba? Allah ya ƙara girma." Abin lura shi ne wannan "to madalla". Ba wanda ya amsa masa, amma yakan ɗan dakata bayan kowace tambaya, ya ɗauka an ce lafiya, ya yi godiya a kai. Wannan dakatawar da bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya su ke kai saƙon wajen rabin minti ko fiye. Da sa'arsa yake wa rubutu, "slm ykk" ta wadatar, amsa kuma "lfy".

Tsawon ba ɗaya ba ne tsakanin babba da yaro. Yaro ne ke ja, ya sassauta murya, ya rage sauri, har kana iya jin rusunawarsa. Gwaggo kuwa tana iya amsawa cikin sakan biyar: "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," ba wanda zai ce ta yi rowar baki. In aka juya, yaro ya tura gajere cikin gaggawa, hayaniyar titi na tashi a bayansa, za a ce gaisuwar a tsaye ya yi ta. Rubutu ba ya tona wannan, domin "Ina wuni" ta mai ladabi da ta mai fitsara haruffansu ɗaya. Shi ya sa a ta'aziyya, in zuwa ko kira bai samu ba, "Ya haƙuri?" da murya ta fi rubutacciya karɓuwa.

Sai dai tsawo kaɗai ba shaidar zumunci ba ne. Kowa ya san saƙon minti uku da ke tambayar har kajin gida, sai can ƙarshe a ji "Dama dai..." a shigo da batun rance. Akwai kuma gaisuwar Juma'a da ba a ambaci sunan kowa a ciki ba, mai ɗauke da alamar an turo ta daga wani wuri. Wannan a ganina sanarwa ce kawai. Tun 2021 kuma mai sauraro na iya danna 2x ya ninka saurin magana, sai a ji nitsuwar da yaron ya tattara ta koma kamar ta mai sauri ya kama mota.