Tsakuren Rahoto: Shafin da Darakta Zai Yanke Hukunci a Kansa

A ofisoshi da yawa, tsakuren da ake ɗorawa a farkon rahoto bin sahun rahoton yake yi babi bayan babi: tarihin matsala, yadda aka yi bincike, abin da aka gano, sannan shawara a can ƙarshe. Wannan jeri na mai bincike ne, domin haka aikinsa ya gudana. Darakta kuwa da tambaya ɗaya yake buɗe fayil: me ake so in amince da shi, kuma me zai biyo baya idan na sa hannu? Saboda haka a ganina ba a gina tsakure a kan babobin rahoto, a kan hukuncin da ake nema ake gina shi. Koken ma daɗaɗɗe ne, domin a watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙi, Winston Churchill ya rubuta wa majalisar yaƙinsa cewa takardun da ake kawowa sun cika tsawo, suna cin lokaci wajen laluben muhimman batutuwa.

A ɗauki misalin wani asibiti da ke nazarin sa sola, da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai. Jimlar farko ta faɗi buƙata kai tsaye: ana neman darakta ya amince da kashe naira miliyan 60 kafin ƙarshen wata, lokacin da farashin ɗan kwangila zai daina aiki. Sai dalili ya biyo: asibitin na kashe miliyan 2 kowane wata a kan man janareta, sola za ta rage rabi, wato za a yi tsimin miliyan 1 a wata, kuɗin ya dawo cikin shekara 5. Bayan haka a kawo sauran zaɓi a gajarce, har da zaɓin barin komai yadda yake, tare da abin da kowanne zai ci. Daga nan sai abin da zai iya rushe lissafin: idan batura suka mutu kafin shekara 5, kuɗin canza su zai tura lokacin maido da jari gaba. A rufe da wanda zai aiwatar da ranar farawa. Duk wannan shafi ɗaya ya ishe shi, kuma kowane adadi ya zo da lambar shafin da hujjarsa take.

Wasu za su ce fara magana da shawara tamkar jan darakta ne zuwa inda marubuci yake so, tun bai ga shakkun da ke cikin binciken ba. Wannan suka tana da tushe, amma haɗarin yana ga inda aka ajiye shakkun ne. A ranar 16 ga Janairu 2003, wani ɓallin soson da ke lulluɓe da tankin mai ya bugi fiffiken kumbon Columbia yayin tashi. Injiniyoyin kamfanin Boeing sun gabatar wa manajojin NASA nazari, kuma kanun wani shafi ya nuna kamar gwaje-gwajen baya sun bar sarari na kwanciyar hankali. A can ƙasan shafin ne aka sa alƙaluman da ke nuna cewa girman ɓallin da aka ƙiyasta ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640. Kumbon ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, mutum bakwai suka mutu. Dalilan hatsarin suna da yawa, amma kwamitin bincike ya lura cewa babban jami'i zai iya karanta shafin bai gane rayuka ne ke cikin haɗari ba. Maganin sukar ke nan: babbar shakka ta zauna kusa da shawara, cikin kalmomi masu nauyi daidai da nata.

Akwai kuma mai ganin rashin ladabi ne ƙaramin ma'aikaci ya gaya wa na gaba da shi abin da zai yi. Amma shawara daban, umarni daban, kuma alƙalami yana hannun darakta. Wanda ya yi wata uku yana bincike sannan ya ɓoye ra'ayinsa ya mayar wa maigidansa aikin da aka ba shi ne, bai girmama shi ba.

Hanyar gane ko tsakure ya yi daidai mai sauƙi ce. A ba wanda bai karanta rahoton ba, a tambaye shi abin da ake nema, nawa zai ci, yaushe, da abin da zai iya ɓacewa. Sannan marubuci ya duba ko akwai wani abu a shafi na 40 da zai sa darakta ya yi da-na-sanin sa hannu. In akwai, a shafin farko ya kamata ya kasance, kuma tsakuren bai kammalu ba sai an ɗauko shi an sa a can.