Raba biyu, raba biyu: dabarar da ke kayar da ɗalibai a lissafin rabin rayuwa

Idan kana da ƙani ko ƙanwa da ke zuwa lesin a Barnawa, Kakuri ko Sabon Tasha don shirin WAEC, NECO ko JAMB, karɓi littafinsa na fiziks ka buɗe babin rediyoaktibiti. Abin da na fi cin karo da shi a irin waɗannan littattafai dabara ce guda: giram 80 ya koma 40, ya koma 20, ya koma 10, an raba sau uku, ke nan rabin rayuwa uku, wato haf-layif uku. Dabarar ba ƙarya ba ce. Matsalarta ita ce tana aiki ne kawai idan mai tambaya ya gyara maka lambobin tsaf, kuma an bar yara suna zaton ita ce ilimin gaba ɗaya.

Ga misali, ka gwada. Na'urar Geiger tana ƙirga 420 a minti ɗaya kusa da wani sinadari. Bayan minti 30 ta koma 70. A ƙasan tambayar an ce ko babu sinadarin, na'urar tana ƙirga 20. Yaron da ya haddace raba biyu zai ce 420, 210, 105, 52.5. Babu 70 a layin. Sai ya tsaya yana cizon biro, ko ya danna kalkuleta ya fito da minti 11.6, ya ja layi a ƙarƙashi.

Wannan 20 ɗin fa ba ado ba ne. Ƙirgen muhalli ne, daga sararin sama da ƙasa da bango yake fitowa, kuma irin duwatsun da ke kewaye da Kaduna ma suna ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom da fotasiyom-40. Shi ba ya raguwa tare da sinadarinka, don haka sai an cire shi tukuna. 420 ya zama 400, 70 ya zama 50. Yanzu raba: 200, 100, 50. Sau uku cikin minti 30, amsa minti 10.

To ta yaya za ka gane haka daga zane, in ba a faɗa maka 20 ɗin ba? Nan ne na fi ganin laifin koyarwar, domin ana zana lanƙwasar a allo kamar hoto, ba a koya wa yaro ya yi mata tambaya. Ka auna rabin rayuwa a wuri biyu. A zanen misalinmu, daga 420 zuwa 210 zai ci kusan minti 10.7, amma daga 70 zuwa 35 zai ci sama da minti 17. Rabin rayuwar sinadari guda ba ya canzawa, ko an dafa shi ko an daka. In ka ga yana ƙara tsawo kana gangarowa, kuma wutsiyar zanen ta kwanta a kan 20 maimakon ta nufi sifili, akwai abin da ba a cire ba.

Sai kuma lokacin da bai cika rabin rayuwa ba, wanda shi ne yau da kullum a wurin aiki. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ya yi amfani da injin kobal-60 wajen gasa cutar daji. Rabin rayuwar kobal-60 shekara 5.27 ne. Nawa ya rage bayan shekara biyu? Raba biyu ba ta da ta cewa. Mai saurin hannu zai ja miƙaƙƙen layi: rabi cikin shekara 5.27, to shekara biyu ta ci kashi 19 cikin ɗari, saura 81. Amma ƙa'idar ita ce:

```
N = N₀ × (1/2)^(t/T)
```

Sa t = 2 da T = 5.27, za ka samu kusan 0.77. Saura kashi 77 ne, ba 81 ba, saboda raguwar ta fi sauri a farko, lokacin da ƙwayoyin zarrar da ba su rushe ba suke da yawa. Gashin da ke ɗaukar minti 2 da sabon kobal, yanzu sai minti 2.6. Wanda ya yi lissafi da 81 zai ba majinyaci ƙasa da abin da likita ya rubuta da kusan kashi 5 cikin ɗari, kullum, har a gama.

Kuma don Allah, in ka ji malami na cewa giram 80 “ya koma” giram 10, ka tambaye shi ina 70 ɗin ya tafi. Bai tafi ko'ina ba. Kobal-60 nikel-60 yake zama, yana nan cikin kwanson, in ka ɗora a sikeli da ƙyar ka ga bambanci. Daga wannan ruɗanin ne yara ke rubuta 1/8 a inda aka tambayi abin da ya rushe bayan rabin rayuwa uku, alhali amsar 7/8 ce.